Saƙon da zan tura wa Gwaggo kan ɗaga kira a sabon agogonta: ku duba min

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na saya wa Gwaggona, yayar mahaifinmu, irin agogon nan da ake amsa kira da shi. Tana Funtuwa, ni ina Kaduna. Kullum wayarta tana ɗaki ƙarƙashin filo, ita kuma tana tsakar gida, sai ka kira sau biyar ba a ɗaga ba, hankalin kowa ya tashi tunda tana da hawan jini. Yayanmu ma da ke Saudiyya yana kiranta ta WhatsApp. Jikanta Sadik, ɗan sakandare, ya haɗa mata agogon da wayar, amma har yau ba ta amsa kira ko ɗaya da shi ba. Ga abin da na rubuta, Sadik zai karanta mata:

"Gwaggo ina wuni, ya ƙarfin jiki? Idan agogon ya yi ƙara ki duba fuskarsa, za ki ga kore da ja. Ki danna koren ki yi magana. Idan kin gama ki danna jan. Allah ya ƙara lafiya."

Me na manta?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki. Kalma ɗaya zan ce ki cire, wato "danna". Mahaifiyata ta shekara ashirin da waya mai maɓalli, da aka ce mata ta danna sai ta ɗora babban yatsa ta matse gilashin da ƙarfi tana jiran ta ji ya shiga ciki. Gilashi kuwa ba ya shiga. Ki ce mata "taɓa", ki kuma kawo mata misalin da ta sani. Ni ce mata na yi kamar yadda take taɓa murfin tukunya ta ji ko ya yi zafi, ta taɓa ta ɗauke. Daga ranar ta gane.

Abu Yasir: Ni dai ina ganin matsalar ba daga Gwaggo take ba. Kun sa wa agogon layi? Kuma akwai data a wayar? Waɗannan agogunan ba sa aiki sai da data.

Sabo Mai Gyara: Abu Yasir, akwai masu ɗaukar layi, gaskiya ne, amma yawancin waɗanda muke gani a kasuwar waya ta Fam Santa a nan Kano ba su da wurin sa layi. Kiran yana shiga wayar ne kamar kullum, agogon kuma yana aro daga gare ta ta bulutut, kamar dai abin sawa a kunne marar waya. Sifika da makirfo ne kawai aka ɗaura a hannu. Data ana buƙatarta ranar farko don sauke manhajar agogon, bayan nan kiran layi ba ruwansa da data.

Maman Ilham, kafin mu gyara saƙo mu fara tabbatar agogon zai iya amsawa. Ki kira ta yanzu Sadik yana kusa, ya ɗauki hoton fuskar agogon lokacin da kiran yake shiga. Ina son ganin ko koren yana fitowa ma.

Maman Ilham: Ikon Allah. Malam Sabo, na kira, Sadik ya ce sunana ya fito, agogon yana bari a hannunta, amma ja ne kaɗai a jiki. Babu kore sam. Ashe duk kwanakin nan da take cewa ba ta ga koren ba gaskiyarta ce, mu kuma muna cewa ko idonta ne.

Sabo Mai Gyara: Abin da nake zato ke nan. Kusan kullum sai an kawo min irinsa. Waɗannan agogunan haɗi biyu suke yi da waya, mutane kuma ɗaya suke yi su tsaya. Na farko shi ne wanda ake yi a cikin manhaja, shi ke kawo lokaci daidai, da saƙonni, da sunan mai kira. Na biyu shi ke ɗauko murya. Idan na farkon ne kawai ya haɗu, agogo zai sanar da kai ana kira, har ya ba ka damar katsewa, amma ba zai ba ka kore ba tunda ba shi da hanyar kawo maka muryar.

Ga abin da Sadik zai yi, a hankali. Ya fara da agogon, ya shafo fuskarsa daga sama zuwa ƙasa, zai ga ƙananan alamomi. Ya nemi mai hoton kan tarho, a wasu an rubuta `BT Call` ko `Bluetooth Call`, ya kunna ta. Daga nan ya koma wayar, ya shiga `Settings`, ya shiga `Bluetooth`, ya bar ta ta yi bincike. Sau da yawa zai ga sunan agogon ya sake fitowa karo na biyu, wani lokaci da `Audio` ko `Call` a ƙarshensa. Shi zai taɓa, ya amince da `Pair`. In ta tambaye shi ko a bar agogon ya ga sunayen da ke wayar, ya yarda. Bayan ya haɗu, a gefen sunan akwai 'yar alama mai kama da haƙoran inji, ya shiga ya tabbatar `Phone calls` a kunne yake. A wasu wayoyin `Calls` kawai aka rubuta.

Ɗan Damagaram: Mu a nan wayoyinmu da Faransanci suke zuwa, to wanda yake wannan ɓangaren ya nemi inda kalmar `Appels` take, shi ne wurin. Malam Sabo, ka faɗa musu zancen ɗaya maɓallin da ke ƙasansa, don ni ya taɓa ba ni kunya. Na haɗa wa Baba nasa, yana zaune a majalisa da abokansa, yaro ya ɗauki wayar a cikin gida ya kunna saƙon murya da ƙanwata ta turo kan maganar aurenta, sai ga muryarta tana fita daga hannun Baba a gaban jama'a.

Sabo Mai Gyara: Ka tuna min. Shi ne `Media audio`. Sadik ya kashe shi, ya bar na kira kaɗai. In ba haka ba, duk wa'azi ko saƙon murya da aka kunna a wayar ta agogon zai riƙa fita, wayar kuma ta yi shiru, a ce ta lalace. Ga shan batir.

Ummi Gombe: Don Allah nawa kika saya, kuma yana auna hawan jini? Ina son saya wa Inna don ta daina zuwa kemis awo.

Maman Ilham: Ummi, zan turo miki ta gefe. Akwai wurin da yake nuna lamba ya ce ta hawan jini ce, amma ban yarda da ita ba, ban ma nuna wa Gwaggo wurin ba.

Anti Nas: Kin yi daidai. Ummi, kada Inna ta daina awo da na'urar da ake ɗaurawa a damtse saboda agogo. Koren hasken da ke walƙiya a bayansa bugun zuciya yake ƙirgawa, lambar hawan jinin da masu araha ke nunawa kuwa kirdado ce, ba a canza magani a kanta. Kuma Maman Ilham, ki sa zancen wannan hasken a saƙonki. Dattawa da yawa suna tsorata da shi, wata ma za ta ɗauka shi ne koren da kike nufi, ta juya agogon tana nemansa.

Maman Ilham: Alhamdu lillahi, Sadik ya bi yadda aka ce, kore ya fito! Yana gefen dama, ja yana hagu. Amma ga sabuwa: shi in ya taɓa yana ɗagawa nan take, ita ta taɓa sau uku bai ɗaga ba har kiran ya yanke. Ta fara cewa a mayar min da abina, agogon bai san ta ba.

Hajiya Ladi: Kayya, kada ku bari ta karaya. Bushewar yatsa ce. Fatar tsofaffi ta fi bushewa, balle yanzu da hunturu ya shigo, gilashin kuma ba ya jin busasshen yatsa sosai, farce kuwa ba ya jin sa ko kaɗan. Ku duba ko da farce ko da ƙarshen yatsa take kai wa. Da cikin yatsa ake taɓawa, wurin da ake dangwala tawada ranar zaɓe. Ta shafa ɗan mai a hannu ta murje shi ya shiga, kada ya yi naso.

Sabo Mai Gyara: Haka ne. Ƙari biyu. In akwai ledar da ta zo manne a fuskar agogon daga kwali, a ɓare ta, mutane suna barinta don kada ya goge, ita kuma tana rage ji. Sannan Sadik ya lura da nasa hannun: taɓawa yake yi ko ja yake yi? Ba duka agoguna ne iri ɗaya ba. A Apple Watch taɓa koren ake yi. A Galaxy Watch kuwa jan koren ake yi zuwa wajen da'irar. Yara suna yin abin ba tare da sun san me yatsansu ya yi ba, sai su ce "danna kawai na yi".

Maman Ilham: Na sa ya maimaita yana kallo. Taɓawa ce kawai, ba ja. Kuma lallai da farce take kai wa, ledar ma tana nan. An ɓare.

Abu Yasir: To ni ina nan kan bakata game da data. Ai ke kanki kin ce yayanku yana Saudiyya, ta WhatsApp yake kiranta. Wannan ba data ba ne?

Sabo Mai Gyara: A nan ka yi gaskiya, kiran WhatsApp sai da data a wayar. Sai dai ko da datar, masu araha da yawa sanarwa kawai suke nunawa cewa ana kira, ba sa ba da kore. Dole a ɗaga a wayar.

Ɗan Damagaram: Na Baba yana ɗaga na WhatsApp, da idona na gani.

Sabo Mai Gyara: Ban musa ba, akwai masu yi. Ya danganta da agogon da kuma wayar da aka haɗa shi da ita. Na ga agogo ɗaya ya yi a wata waya ya ƙi a wata. Maman Ilham ta gwada nata da kanta kafin ta yi wa Gwaggo alkawari.

Maman Ilham: Na gwada sau biyu. Karo na farko ya nuna sunana babu kore, karo na biyu bai ma motsa ba. Zan ce mata kiran Yaya a waya za ta riƙa ɗauka, shi ke nan, kada in rikita ta.

Baban Halifa: Tambayata kan alwala ce. Sau biyar a rana za ta cire ta mayar? Maɗaurin nan mai huji ko mu wahala yake ba mu da hannu ɗaya. A kwalin nawa an rubuta IP68, mai shago ya ce ko wanka zan iya yi da shi.

Sabo Mai Gyara: Wannan lambar ta gwajin ruwa mai tsabta ne wanda yake tsaye. IP67 mita 1 ne na minti 30, IP68 ya ɗan fi haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Ba a gwada shi da sabulu ko ruwan zafi ba, kuma tsohuwa da sanyin nan ruwan ɗumi za ta yi alwala da shi. Agogon kira yana da ramin sifika da na makirfo, in ruwa ya tsaya a ciki murya tana dishewa har sai ya bushe. Jiƙaƙƙen gilashi kuma yana taɓa kansa da kansa. Ni shawarata ta cire.

Baban Halifa: Ni wata shida ina alwala da nawa, tura shi sama kawai nake yi, bai yi komai ba. In ana cirewa sau biyar, wata rana a bakin rijiya za a bar shi.

Hajiya Ladi: Kowa da gaskiyarsa. Mu maɗaurin muka canza wa Inna zuwa na yadi mai mannewa, ɓarewa ɗaya ya fita, kuma muka ce in ta cire ta ɗora shi kan darduma, ba a bakin buta ba. Tunda daga alwala can za ta nufa, ba ta taɓa mantawa ba.

Maman Ilham: Na ɗauki ta Hajiya. Ga saƙon na sake shi gaba ɗaya. Zan kuma karanta shi da bakina in tura da murya, don ta riƙa sa Sadik ya kunna mata duk lokacin da ta so.

"Assalamu alaikum Gwaggo. Ina wuni, ya sanyi, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Gwaggo, da farko ki yi haƙuri. Kwanakin baya da kika ce ba ki ga kore ba, ke ce da gaskiya, mu ne ba mu gama haɗa shi ba. Yanzu an gyara.

Agogon nan ɗan aiken wayarki ne. Idan aka kira, wayar ce ke aiko shi ya faɗa miki, don haka ba ya son ya yi nisa da ita. Daga ɗakinki zuwa gindin darbejiya inda kike shimfiɗa tabarma, Sadik ya gwada, yana kaiwa. Idan za ki shiga maƙwabta ko gidan suna, ki jefa wayar a jaka ki tafi da ita, ba sai kin fito da ita ba.

In an kira za ki ji hannunki yana bari, agogon yana ƙara. Kada ki yi sauri, mai kira zai jira. Ki ajiye abin da ke hannunki, in hannun da ruwa ki goge da gefen zani. Sai ki juyo agogon kamar za ki duba lokaci. In fuskar ta yi duhu, ki danna maɓallin da ke gefe sau ɗaya, za ta yi haske.

Za ki ga sunan mai kira a sama. A ƙasa akwai ƙwallaye biyu. Na damanki tsanwa ne, kalar ganye, na hagu ja. In rana ta hana ki ganin kala, ki tuna dama ita ce amsawa, kamar yadda ake karɓar abu da dama.

Ki kai manuniyarki kan tsanwan, da cikin yatsa, wurin da ake dangwala tawadar zaɓe, ba da farce ba. Ki taɓa ki ɗauke, kamar kina jin zafin murfin tukunya. Ba ya son ƙarfi. In bai ɗauka ba ki numfasa ki sake taɓawa. Za ki san ya ɗauka idan ƙarar ta tsaya, tsanwan ya ɓace, lambobi suka fara tafiya.

Daga nan ki yi sallama. Ba a kai shi kunne, Gwaggo. Ki ɗago hannun daidai ƙirjinki, ki yi magana yadda kike yi da wanda ke zaune gefenki, zan ji ki sarai. Ki sani duk wanda ke kusa da ke yana jin abin da nake faɗa, to in da baƙi ki ce min 'ina cikin mutane', zan gane.

In mun gama ba sai kin taɓa komai ba, ni zan kashe daga nan. In kuma kika taɓa jan bisa kuskure, ba abin da ya lalace, kiran ne kawai ya yanke, zan sake kira.

Hasken da kike gani yana walƙiya a bayansa ba ya cutarwa, bugun zuciya yake ƙirgawa, ki rabu da shi. Lokacin alwala ki cire ki ɗora kan darduma. Da dare Sadik zai sa miki shi a caji tare da wayar. Kiran Yaya daga Saudiyya kuwa a waya za ki ci gaba da ɗauka yadda kika saba.

Gobe bayan la'asar zan kira ki sau uku a jere don mu gwada. Ko na farko da na biyu sun wuce, ba komai. A gaida mutan gidan. 'Yarki, Maman Ilham."

Anti Nas: Ya yi kyau ƙwarai, musamman da kika fara da wanke ta daga laifi. Amma ina da ja kan cewa ba sai ta kashe ba. Ke za ki kashe, to wanda ba ke ba fa? Wani ya kira ya manta bai kashe ba, ko ɗan damfara ne, yana ta jin hirar gida. Gara ta koyi jan tun yanzu.

Hajiya Ladi: Ni kuwa na fi son yadda ta rubuta. Abu ɗaya a mako. In ka ba tsoho kore da ja rana ɗaya, tsoron taɓa jan zai hana shi taɓa koren. Ta kwana bakwai tana amsawa tukuna.

Sabo Mai Gyara: Wannan na bar muku, kun fi ni sanin dattawa. Nawa na Sadik ne, kada a sa a saƙon Gwaggo. Mita 10 da ake faɗa na bulutut a fili ne, bango yana rage shi, bango biyu ma sai ya yanke, to wayar ta bar ƙarƙashin filo ta koma kusa da taga ko ƙofa. Ya shiga wurin batir a `Settings` ya cire manhajar agogon daga cikin waɗanda waya ke kashewa don tattalin caji, in ba haka ba bayan kwana biyu sunan mai kira zai iya daina fitowa. Ya kuma san alamar jinjirin wata a agogon, ita ce `Do Not Disturb`. In hannun riga ko yatsa ya kunna ta, agogo zai yi tsit ko ana kira. Duk ranar da aka ce ya daina ƙara, nan zai fara dubawa, sannan bulutut na wayar.

Akwai ɗaya da ya shafe ta kai tsaye. A wayoyin Android da yawa, in agogon yana haɗe, ko a wayar ta ɗaga kira muryar tana iya tafiya agogon. Za ta kara waya a kunne ta ji shiru.

Maman Ilham: Wannan ya faru ɗazu! Kawu ya kira, ta ɗaga a waya tana ta "alo, alo", shi kuma muryarsa tana fitowa daga hannunta. Na ƙara mata layi ɗaya: "In kin ɗaga a waya kika ji shiru, ki saurari agogon, maganar tana can." Sadik kuma na nuna masa alamar bulutut da ke fuskar wayar lokacin kira, inda ake mayar da muryar kan waya.

Maman Ilham: Na dawo da labari. Na kira bayan la'asar. Na farko ya wuce, ta ce tana neman gilashinta. Na biyu ta taɓa ja. Na uku na ji ƙarar ta tsaya, sai shiru, sai na ji ta ce, "To, ga lambobin suna tafiya. Kina ji na?" Mun yi minti shida. Ta kai shi kunne sau ɗaya, Sadik ya sauko mata da hannun. Ƙorafinta ɗaya, muryar ta yi mata ƙasa idan injin markaɗen maƙwabta yana aiki, ko da Sadik ya ƙure ƙarar. Malam Sabo, akwai dabara ko iyakarsa ke nan?

Sabo Mai Gyara: Ya gwada ƙara ta daga maɓallin gefen wayar ma lokacin da ake cikin kiran, wani lokaci ƙarar wayar ce take ƙasa. In duka biyun sun ƙure, iyakar sifikar ke nan, ƙarama ce. Ta amsa a agogo ta ce a jira ta, ta shiga ɗaki.

Anti Nas: Zancen jan fa? Yaushe za a koya mata?

Maman Ilham: Juma'a zan je Funtuwa in sha Allahu, in zauna kusa da ita mu yi shi tare. Zan tafi da maɗaurin yadin.